Ƙunar Ruwan Zafi da ta Man Suya: Amsoshin Likita

Likita, ɗana ɗan shekara 2 ya jawo bokitin ruwan wanka ya zubo masa a ƙirji da hannu. Kakarsa ta hana a sa ruwa, wai zai sa wurin ya ɗuri ruwa, sai aka fasa ɗanyen ƙwai aka shafa. Mun yi daidai? — Wata uwa daga Kurna

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kaka da kyakkyawar niyya ta yi, amma ruwan da ta hana shi ne maganin farko. Bayan an janye yaro daga ruwan zafi, zafin bai bar jikinsa ba, yana nan yana ci gaba da cin fata zuwa ciki. Shi ne ke sa fata ta tashi, ba ruwan da aka zuba don sanyaya wurin ba.

Ana fara cire rigar da ta jiƙe, domin tana riƙe zafi, sai dai idan ta manne da fata, a nan a yanke gefenta a bar wurin da ya manne. A cire zobe, awarwaro ko guru tun kafin kumburi ya zo. Sannan a yi ta kwarara ruwa a kan ƙunar har minti 20, a duba agogo, don ba ƙaramin lokaci ba ne idan yaro na tsala ihu. Na san famfo ba kullum yake kawowa ba. Ruwan randa mai tsabta ko na leda ya wadatar, a zuba a buta a riƙa tsiyayawa a hankali. Ko an makara, yana da amfani cikin awa 3 na farko. Ban da ƙanƙara, tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar. A lokacin hunturu kuma a lulluɓe sauran jikinsa, ƙunar kaɗai ake sanyayawa, kada sanyi ya kama shi.

Ƙwai, makilin, ƙullu, manja, baƙin mai da gashin zomo duk hanyar shigar ƙwayoyin cuta ne, kuma idan an zo asibiti sai mun wanke su daga kan ɗanyen ciwo, yaro ya sha azaba sau biyu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe. Tafin hannunsa har da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Ƙirji da hannu na iya kai tafi goma, kuma a nan ne yaro ke buƙatar ƙarin ruwa, saboda ruwan jiki na tsiyayewa ta wurin ƙunar. Ki rufe da leda sabuwa mai tsabta ko wankakken zane marar gashi, kada ki ɗaure tam, ku nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Ina tuyar awara a Fagge. Mai ya zubo mini a bayan hannu, wurin ya yi fari, amma ba ya zafi sosai. Ai da sauƙi ke nan? — Mai sana'a

A'a, Hajiya, rashin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa yana kai 170 zuwa 190, ga shi yana manne wa fata. Ƙunar da ta tsaya a sama ja take yi, tana raɗaɗi. Wadda ta yi fari ko ruwan ƙasa, ta bushe kamar ƙirgi, ta riga ta cinye jijiyoyin da ke jin zafi. Irinta ba ta warkewa da kyau ita kaɗai, wani lokaci sai an yi dashen fata. Idan aka bar ta a gida, tabon yana janye yatsu su ƙage, kuma da hannun nan kike neman abinci. Ki je a duba ki, a yi miki allurar tetanus in kin daɗe ba ki yi ba. Ƙunar fuska, hannu, ƙafa, gaɓa, al'aura, ko wadda ta zagaye hannu kamar munduwa, ta asibiti ce komai ƙanƙantarta.

Shayi ya zubo mini a cinya, ya yi bororo kamar faɗin kwabo. In fasa? — Ɗalibi daga Ɗorayi

Kada ka fasa, fatar nan ita ce murfin da ke kare ciwon. Ka wanke da ruwa da sabulu a hankali, ka shafa basilin kaɗan, ka rufe da bandeji mai tsabta, ka canza idan ya jiƙe ko ya yi datti. Farasitamol ƙwaya biyu na miligiram 500 zai rage raɗaɗi, kada ka wuce sau huɗu a rana. Idan ka ga ja yana yaɗuwa, ko mugunya, wari, zazzaɓi, ko zafin ya ƙaru bayan ya lafa, ka zo asibiti. Haka ma idan mako biyu suka cika bai rufe ba, ko kuma kana da ciwon suga.