Laimar Jidda da Gashi

"'Yan uwa, ina Makka gashina lafiya lau, amma tun da muka dawo Jidda, ko na miƙar da shi sai ya tashi buzu-buzu. Mene ne dalili?"

'Yar uwa, laimar teku ce. Silin gashi sinadarin keratin ne, kuma wasu mahaɗan da ke riƙe siffarsa, na haidirojin, ruwa ke kwance su. Da kika miƙar da shi da zafi, waɗannan kika ɗaure a miƙe. Iskar Jidda ta shiga, silin ya kumbura, ɓawonsa mai kamar sāɓar kifi ya ɗaga, kowane sili ya koma lanƙwasarsa.

Wanda ya sha rilaksa ko rini ya fi tashi, don ɓawon ya riga ya tsattsage. Ki shafa man kwakwa kaɗan da sauran damshi, ki bari ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali.