Rajistar alƙawarin gudummawa: ragowa ba ta fita daidai

Tambaya: "Ni ne ma'ajin ƙungiyar unguwarmu a Birni, nan Damagaram. Muna tara kuɗin gyaran rijiya. Kowa ya yi alƙawari, ana biya kaɗan-kaɗan, amma lissafina ya rikice. Yaya zan tsara shi?"

Malam ma'aji, galibi rikicin daga goge adadi yake farawa: mutum ya kawo ƙari, a goge tsohon a rubuta sabo. Raba aikin gida biyu a Excel. Shafin farko, mai suna Biya, kowane biya da layinsa: kwanan wata a A, lambar mamba a B, adadi a C, lambar rasit a D. Ba a goge komai a nan.

Shafi na biyu, layi ɗaya ga kowane mamba: lambarsa a A, suna a B, alƙawari a C, abin da ya biya a D, ragowa a E. Kada ka cika D da hannu. Idan Excel ɗinka na Faransanci ne, rubuta wannan a D:

```
=SOMME.SI(Biya!B:B;A2;Biya!C:C)
```

A E kuma `=C2-D2`.

Misali, mamba mai lamba 14 ya yi alƙawarin sefa 25.000, ya kawo 10.000, daga baya 5.000. D zai nuna 15.000, E kuma 10.000.

Yi aiki da lamba, domin Musa uku a unguwa ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ka kuma kiyayi ƙirgen baka: wanda ya ce "jika biyu" sefa 2.000 yake nufi, a rubuta sefa koyaushe. Wanda ya kawo buhun siminti, a tsayar da kuɗinsa a taro kafin a shigar.

Ƙarshen wata, jimlar D ta yi daidai da jimlar shafin Biya. In sun saɓa, an rubuta lambar wani ba daidai ba. Idan kuɗin ya kai na buɗe asusun banki, ku nemi akanta ya duba littafin.