Mai ciwon sukari da ya ce sai ya yi azumi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An ba mu aikin gida a kan mutunta addini da al'adar majinyaci da iyalinsa. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikis salam, ƙanwata. Ki ɗauki majinyaci guda ki bi shi daki-daki, ya fi ki jera addinai kina yi wa kowanne layi biyu. Ga misali: dattijo mai shekara 60, yana da ciwon sukari, yana shan maganin sukari da ake kira metfomin mai miligiram 500 sau uku a rana, ga Ramadan ya ƙarato.

Kuskuren farko shi ne a ce masa kawai "Baba, ban da azumi." Don kunya zai ce "to", ya koma gida ya ɗauki azuminsa, ya daina shan maganin rana ba wanda ya sani. Gara ki tambaye shi: "Baba, kana da niyyar azumi bana? Yaya ka ƙare da na bara?" Wannan hira ana son a yi ta mako 6 zuwa 8 kafin ganin wata.

In likita ya ga zai iya, sai a sauya lokacin magani. Yawanci miligiram 1,000 lokacin buɗa-baki, 500 da sahur. Likita ne ke yanke wannan, naki shi ne ki tabbatar Baba ya fahimta. Ki kuma gaya masa iyakar da zai karya azumi a take: sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, ko ya haura 300 mg/dL, ko ya ji karkarwa, zufa mai sanyi, jiri ko ruɗewa. Dattawa da yawa sun ɗauka huda yatsa don awo na karya azumi, sai su ƙi aunawa da rana, lokacin da haɗarin ya fi yawa. Ki bayyana masa cewa ba ya karyawa.

Da izininsa, ki sa mai dafa masa abinci cikin zancen, domin ita ke dama kunun ta zuba sukari. A jinkirta sahur, a sha ruwa sosai da dare, dabino kada ya wuce biyu ko uku.

In kuwa haɗarin ya yi yawa, kamar mai ciwon ƙoda mai tsanani, kada ki zama mai fatawa. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, amma daga bakin malamin da ya yarda da shi zai fi karɓa. Ya nace duk da haka? Haƙƙinsa ne. Ki rubuta abin da aka gaya masa da abin da ya zaɓa, a sa masa ranar dawowa cikin makon farko na azumi.