Oda ta faɗi da fiye da rabi, ƙararrawa kuma ta yi shiru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da alƙaluman cinikin wani kamfani da ke sayar da kaya ta intanet. Na kafa tsarin gargaɗi da ke ɗaukar matsakaicin odar kwana bakwai da sigmarsu, wato ma'aunin yadda alƙaluman suke warwatse daga matsakaicin, kullum, idan odar ranar ta gaza matsakaicin da sigma uku sai ya turo mini saƙo. Makon jiya hanyar biyan kuɗinmu ta lalace, oda ta sauko daga wajen 200 zuwa 90, amma ko motsi bai yi ba. Daga bakin masu saye muka ji. Yanzu shugabana ya fara yi wa duk lissafin da na kawo kallon shakka. In mayar da iyakar sigma biyu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki taɓa iyakar nan tukuna. Buɗe lissafinki ki duba abu guda: a cikin kwana bakwan da kike ɗaukar matsakaicinsu, akwai ranar da kike son gwadawa? Ban ga tsarinki ba, amma ina da yaƙinin tana ciki, domin haka `rolling(7)` na pandas yake yi in ba a hana shi ba, haka kuma `ROWS BETWEEN 6 PRECEDING AND CURRENT ROW` a SQL. In kuwa tana ciki, to ƙararrawarki ba lalacewa ta yi ba. Tun ranar da kika kafa ta ba ta da ikon kaɗawa.

Mu ɗauki alƙaluma irin naki. A ce kwana shida da suka gabata kin samu oda 200, 210, 190, 205, 195 da 200, yau kuma 90. Idan kika haɗa duka bakwai, matsakaici ya sauko zuwa 184. Wannan ba shi ne babbar ɓarnar ba. Sigma ce ta kumbura ta kai 42, saboda ita kanta 90 ɗin ta shiga cikin lissafin warwatsuwar, kuma da yake ana ninka tazarar kowace rana da kanta, rana guda mai nisa tana rinjayar sauran shidan baki ɗaya. Sigma uku ta zama 126, iyakarki ta koma 58. Tunda 90 ta fi 58, tsarin ya ce lafiya lau.

To a ce yau ko oda ɗaya ba ta shigo ba, sifili. Matsakaici zai zama 171, sigma ta haura zuwa 76, iyaka kuma ta faɗa ƙasa da sifili, wajen −56. Kamfani ya wuni bai sayar da komai ba, ƙararrawa na jiran oda ta zama ƙasa da babu. Kin ɗora wanda ake tuhuma a kujerar alƙali, kina kuma mamakin yadda kullum yake wanke kansa.

Wannan ba tsautsayin alƙalumanki ba ne, doka ce ta lissafi. Idan ranar da ake gwadawa tana cikin kwanakin awo guda n, nisanta da matsakaici ba zai taɓa wuce sigma (n − 1)/√n ba, komai girman faɗuwar. Ronald Shiffler ya rubuta wannan a 1988. A kwana bakwai iyakar nisan ita ce 2.27. A kwana goma 2.85 ce. Sai an kai kwana goma sha ɗaya kafin ta ɗan leƙa uku, nan ma da ƙyar. Wato duk wanda ya haɗa kwana bakwai, da ranar yau a ciki, da sigma uku, ya gina abin da ba zai yi magana ba har abada.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wannan haɗin ya bazu. Kusan kullum sai na gamu da shi. Wani ya kwafi layi uku daga darasin da aka rubuta cikin gaggawa, ya zana layin matsakaici da inuwar sigma a gefensa, hoton ya yi kyau, aka nuna a taro aka tafa. Wata shida babu gargaɗi ko ɗaya, sai a rubuta a rahoto cewa ciniki na tafiya daidai. Shirun ƙararrawa ya zama hujjar lafiya, alhali ba wanda ya taɓa jin muryarta. Ki kalli irin wannan hoton da kyau a ranar da oda ta faɗi: za ki ga inuwar ta buɗe baki ta haɗiye faɗuwar a daidai wannan ranar. Wannan buɗewar ita ce alamar cutar. Masu koyar da shi a haka, in ka nuna musu sai su ce ai bambancin rana guda ne kawai. Rana guda ce, amma ita ce ranar da aka kafa tsarin dominta.

Sigma biyu da kike tunani za ta kama faɗuwar makon jiya, gaskiya ne, domin nisan 90 ya kai sigma 2.24. Sai dai ki lura, sifili ma 2.26 ya ba mu, kenan ma'aunin ba ya iya bambance rabin ciniki da rashin ciniki gaba ɗaya. In kuma matsalar ta kwana, gobe aka sake samun 90, nisan zai koma wajen 1.45, ƙararrawar ta sake yin shiru.

Gyaran layi ɗaya ne. A auna yau da kwanakin da suka gabace ta, ban da ita:

```python
baya = oda.shift(1).rolling(28)
m = baya.mean()
s = baya.std()
faduwa = oda < m - 3 * s
```

A SQL kuwa sai ki rubuta `ROWS BETWEEN 28 PRECEDING AND 1 PRECEDING`. Koma kan misalinmu da kwana bakwai na baya, a ce na farkonsu ma 200 ne. Matsakaici 200 cif, sigma wajen 6.5, iyaka 181. Oda 90 ta yi nisan sigma 17 da matsakaici. Da saƙon ya iso miki tun daren.

Kin ga na sa 28 a maimakon 7, da dalili. Sigmar da aka ciro daga kwana bakwai ba ta da tabbas: mako ɗaya ta ƙanƙance, wani makon ta ninka. Wannan 6.5 ɗin ma ta yi ƙanƙanta fiye da kima. Abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya kamar oda, ko babu abin da ya canja, yakan yi rawar da ta kai kusan √m, inda m yake nufin matsakaicin, wato wajen 14 ga mai oda 200 a rana. In kika bar iyaka a 181, ranar da aka samu 178 ba tare da wata matsala ba za a tashe ki daga barci. Saboda haka ki sa wa sigma ƙasan da ba za ta wuce ba: ki ɗauki wadda ta fi girma tsakaninta da √m. A misalinmu iyaka ta koma wajen 158, kuma 90 ba ta tsira ba.

Ki zaɓi kwanakin awo da bakwai ke raba su ba saura, 14 ko 28, don kowace ranar mako ta shigo sau daidai da 'yar'uwarta. In kuma cinikinku yana da ranar da ta saba yin ƙasa sosai a kowane mako, wannan hawa da saukar zai kumbura sigma, ya ɓoye faɗuwar gaske. A nan gara ki gwada Talata da Talatocin makonni takwas da suka wuce, Laraba da Laraba, haka har ƙarshen mako.

Bayan kin yi gyaran akwai tarko na biyu, ɗan'uwan na farko. Yau ƙararrawa ta kaɗa a kan 90. Gobe wannan 90 ɗin ta shige cikin kwanakin baya. In da kwana bakwai kike awo, kin dawo kan alƙaluman da muka fara da su: matsakaici 184, sigma 42, iyaka 58. Oda ta sake zuwa 90, tsarin ya yi shiru, mai karanta saƙo ya ɗauka an gyara. Kwana 28 yana jinkirta wannan, amma ba ya hana shi. Duk ranar da aka tabbatar matsala ce, a cire ta daga kwanakin awo, kuma gargaɗin da ya buɗe kada ya rufe sai oda ta dawo saman iyakar da aka yi amfani da ita ranar da ya buɗe. Ranakun rangwame da oda ta yi tashin gwauron zabi su ma a cire su, domin sigma ba ta san sama da ƙasa ba, duk nisa nisa ne a wurinta.

Sai ki duba yadda kike tara odar kowace rana. In da `GROUP BY` ne a kan kwanan wata, ranar da babu oda ko ɗaya ba za ta fito a matsayin sifili ba, layinta ne zai ɓace ɗungum, tsarin kuma ba ya gwada ranar da bai gani ba. Ki gina jerin kwanaki cikakke har zuwa jiya, ki cike gurbin da sifili. Kada kuma ki gwada ranar da ba ta ƙare ba da cikakkun ranaku. In kina son ji da wuri, ki gwada odar da ta shigo zuwa ƙarfe goma sha biyu da wadda ta saba shigowa zuwa ƙarfe goma sha biyu.

Batun biyu ko uku sai yanzu ya samu wuri. Sigma uku gadon Walter Shewhart ne, wanda ya fito da jadawalin sa ido kan ingancin kayan masana'anta a 1924, kuma ba wahayi ba ce. A takarda, in alƙaluma sun bi rabon da aka saba zato, sigma biyu ta ɓangaren ƙasa za ta yi gargaɗin ƙarya kusan sau takwas a shekara, sigma uku kuwa kusan sau ɗaya a shekara biyu. A aikace duka biyun sun fi haka yawan kuka, domin oda ba ta da ladabin alƙaluman littafi. Ki bi tarihin odarku na shekara guda da kowace iyaka, ki ƙirga sau nawa za ta kaɗa, ki ga nawa ne a ciki matsalar gaske, sannan ki zaɓa.

Kafin ki koma wurin shugabanki, ki kwafi bayanan, ki mayar da odar jiya sifili da hannunki, ki kunna tsohon tsarin da sabon. Ki sake yi da rabin odar, sannan da faɗuwar da ta ɗauki kwana uku a jere. Sakamakon gwajin nan uku za ki ajiye a gabansa, tare da ranar makon jiya da sabon tsarin ya kama.