Ɗinki shida sun faɗo ana saura kwana 12 Sallah

Tambaya: "Salamu alaikum. Ina ɗinki a Aboabo. Saura kwana 12 Sallah, kaya 19 ne a hannuna. Yau ƙawar mahaifiyata ta kawo leshi shida, wai duk kafin Sallah take so. Kunyarta nake ji. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don duk mai taka keke a Kumasi ya san wannan ledar. Ki faɗa mini dai ba ki sa wa leshin almakashi ba, kuma ba ki karɓi kafin alƙalami ba. In kin yi ɗaya daga ciki, a wurin Hajiya kin riga kin amsa.

Kwana 12 ɗin nan ba 12 ba ne. Ki lissafa da azumi 29, kada ki lissafa da 30, don wata yana iya tsayawa, ofishin Babban Limamin Ƙasa ya yi sanarwa da dare, gari ya waye Sallah. Saura 11. Kwana biyun ƙarshe na guga ne da maɓalli da masu dawowa a rage musu ƙugu, ba a yanka sabon yadi a cikinsu. Saura 9. Juma'a biyu rabi-rabi ne, kwana ɗaya ya tafi. Ki bar wa ɗauke wuta ɗaya. Bakwai ke nan a hannunki. In ke da yarinyarki kuna gama uku a rana, da azumi a baki, 21 za ki iya. Kina da 19, gurbin biyu ya rage. Leshi kuwa da shafi da zif da daidaita zanen bakinsa yana cin lokacin atamfa biyu. To leshi ɗaya ne zai shiga, shida sai kwana huɗu cur, kuma ba ki da su.

Abin da ke ƙona mini rai da irin waɗannan iyayen namu, sun san kunya za ta hana ki magana, da ita suka zo. Za ta ajiye leda a kan tebur, ta ce "ai ke 'yata ce", kafin ki buɗe baki ta tare adaidaita ta tafi. Ranar jajibere kuma ita ce za ta fara tsayawa a ƙofar shago tana ɗaga murya a gaban mutane, ta kai ƙara wurin Mma, a ce kin yi kuɗi kin raina manya. Wata biyu yadin yana cikin akwatinta! Wannan ba wanda zai tambaya.

Ki je gidanta yau da ledar a hannu, kada ki aika saƙon murya. Ki gaishe ta, ki ce: "Hajiya, na duba littafina. Kafin Sallah ɗaya zan iya yi muku mai kyau, ku zaɓi wanda za ku sa zuwa Idi. Sauran biyar in kawo su Asabar ta biyu bayan Sallah." Sai ki yi shiru. Kada ki cika shirun da ban haƙuri, nan ne ake zamewa a ce "bari in gwada". "In sha Allahu" da ba rana a gabanta kuwa, "to" kunnenta zai ji. In ta ce lalle sai shidan, ki ambaci wata tela da kika yarda da hannunta, amma ki kira telar tukuna, kada ki tura mata tsohuwa alhali ita ma ta cika.

Akwai wata ƙofa. Cikin 19 ɗin nan ba duka ne na ranar Idi ba, wani na suna ne ko biki bayan Sallah. Ki kira masu su yau, ki roƙi ɗagi, ki faɗi sabuwar rana. Wanda aka kira saura kwana 12 yakan yarda, wanda aka kira saura biyu faɗa za a yi. Duk kaya biyu da aka ɗaga, leshi ɗaya ya samu wuri. Amma kada ki taɓa na yara, uwa tana iya haƙura da nata, na ɗanta ba za ta haƙura ba.

Kuma in akwai wanda zai je wurin mai surfani, nasa layin daban ne, kwanakinsa ba a hannunki suke ba, ki tambaye shi kafin ki furta rana.

Biyar ɗin da ba za ki taɓa yanzu ba, ki bar su a gidan Hajiya. Muddin suna shagonki, kullum jikarta za ta leƙo ta ce an aiko ta ta ga ko an fara.