Zan tura ma'aikacina reshenmu na Kaduna na wata shida, me zan rubuta masa?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan gini a Kano, na buɗe reshe a Kaduna. Ina so in tura mai kula da sito ya riƙe mini wurin na kamar wata shida. Shekararsa huɗu a hannuna, albashinsa N120,000. Ya ce in ba shi a rubuce. Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Amsa: Alhaji, yaron nan ya yi maka gata da ya nemi takarda, kada ka ɗauka rashin yarda ne. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya idan sharuɗɗan aikinsa suka sauya.

Fara da cire kalmar "kamar" daga wata shidan nan. Rubuta rana, wata da shekara: zai kama aiki a Kaduna 1 ga Fabrairu, zai gama 31 ga Yuli, zai koma sito a Kano 1 ga Agusta. Ka ƙara cewa in ana son ƙarin lokaci, sai an rubuta sabuwar takarda kwana 30 kafin wa'adi, shi ma ya sa hannu. Abin da na fi gani shi ne wa'adi ya wuce kowa ya yi shiru, har shekara ta zagayo. Daga nan maigida yana ganin an yi canjin wurin aiki ke nan, yaro kuma yana ganin an jefar da shi.

Sai kuɗi, inda rigima ta fi tashi. Kada ka ce "na mai da albashinka N160,000". Ka bar albashi a N120,000, ka rubuta alawus na N40,000 a layinsa daban, ka bayyana cewa na zaman Kaduna ne kuma zai tsaya ranar da ya dawo. Idan ka cuɗa su, ranar da ka cire dubu arba'in ɗin zai ce ka rage masa albashi, kuma takardarka ce za ta ba shi gaskiya. Ko wajen biya ma, ka tura su daban-daban.

Na sa N40,000 ne a matsayin misali. Hanyar gano adadin ita ce ka tambayi kanka: wane kuɗi zai kashe a can wanda da yana gida ba zai kashe ba? Tukunya biyu zai ɗora, ɗaya a Kano ta iyali, ɗaya a Kaduna ta bakinsa. In ka sa masa N15,000 na mota don ya leƙo iyali sau ɗaya a wata, lissafin wata shida ya zama N240,000 da N90,000, wato N330,000, ban da masauki. Ka auna wannan da ribar da reshen zai kawo kafin ka sa hannu.

Masauki kuwa ka kama da sunan shago, ka biya da kanka. Masu gida galibi kuɗin shekara suke karɓa, shi kuma wata shida zai yi. In da sunansa aka kama, ragowar wata shidan sai ta zama abin jayayya tsakaninku.

Batun dawowa shi ne abin da ke ransa ko bai faɗa ba: wa zai tarar a kan kujerarsa? Ga yadda za ka rubuta: "Idan wa'adin ya cika za ka koma aikinka na mai kula da sito a Kano, a kan albashinka, tare da duk ƙarin da aka yi wa takwarorinka a bayanka. Watannin nan suna cikin lissafin shekarun aikinka." Wanda zai riƙe siton kuma a gaya masa a rubuce cewa riƙo ne. Ka kuma faɗi yadda za a yi in ɗayanku ya so a katse kafin lokaci. Sanarwar mako biyu ta wadatar, kuɗin motar dawowa a kanka.

Ranar da zai miƙa mabuɗin sito a Kano, a ƙirga kaya a gabansa, su sa hannu shi da mai karɓa. Haka ranar da zai karɓi Kaduna, haka ranar da zai bar ta. In ba haka ba, buhun siminti 20 ya ɓace, ba wanda zai iya cewa a hannun wa.

Abu ɗaya za ka duba tukuna: da wane suna aka yi wa reshen rajista? In kamfani ne daban, ko da na ƙanenka ne, takardar ta fito fili ta ce kai ne mai aikinsa har yanzu kuma kai ke biyan albashi. Mayar da ma'aikaci ga wani mai aiki, a sashe na 10 na dokar, sai da yardarsa da amincewar jami'in ƙwadago. Ku buga kwafi biyu, ka ba shi ya je gida ya karanta a nutse kafin ya sa hannu.