Bashin harajin Amurka: kafin ka miƙa tayin kuɗi a dunƙule

*Malam, ina da shagon kayan abinci a Bronx. Hukumar haraji ta IRS na bi na harajin dala 85,000 tun shekara takwas da suka wuce. 'Yan'uwa sun ce za su haɗa mini dala 20,000. In na ba su a dunƙule, za su yafe sauran?*

Alhaji, hanyar tana nan, sunanta Offer in Compromise. Sai dai ba cinikin kasuwa ba ne, a taya a yi albarka. Su ba girman bashin suke dubawa ba. Abin da suke tambaya shi ne nawa za su iya tatsa daga gare ka in sun matsa.

Bari mu ƙaddara dala 5,200 ke shigo maka a wata, kuma abin da suka amince ka kashe a haya, abinci da makamantansu 4,700 ne. Rarar 500 ɗin sai su ninka ta sau 12, ta zama 6,000. Daga nan sai dukiya, wadda suke yi wa kuɗin sayarwar gaggawa, wato kashi 80 cikin ɗari. In kadarorinka sun kai 15,000, ga 12,000. Jimla 18,000, ka ga tayinka ya haye. Amma fa wannan 4,700 da ma'auninsu suke auna shi, kuma kuɗin da kake aika wa gida duk wata galibi ba sa shiga ciki. In suka zare 600 kawai, lissafin ya koma 25,200, tayin ya faɗi. Filin da ka saya a Kumasi ko Kano ma dukiya ce. `Form 433-A (OIC)`, fom ɗin bayyana dukiya da kuɗin shiga, bisa rantsuwa ake sa masa hannu, kada ka ɓoye.

Za ka haɗa shi da `Form 656`, wato fom ɗin tayin, da kuɗin rajista dala 205, da kashi 20 na tayin, wato 4,000. Ko an ƙi, 4,000 ɗin ba za su dawo ba, a bashin za a cire. Idan akwai shekarar da ba ka shigar da takardun haraji ba, ko duba tayin ba za a yi ba. In an karɓa, sauran ka biya cikin wata biyar, sannan shekara biyar ba ka da damar yin latti wajen shigar da takardun haraji ko biyansa, in ba haka ba bashin ya farfaɗo.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne shekara takwas ɗin nan. Doka ta ba IRS shekara 10 ta karɓi bashi, daga ranar da aka rubuta shi a kanka, ba daga shekarar cinikin ba. Muddin tayi na gabansu, wannan ƙidayar tana tsayawa, kuma suna iya shafe watanni da yawa suna nazari. Haka ma in ka taɓa zama wajen Amurka wata shida a jere. Don haka kafin 'yan'uwa su taɓa aljihu, ka nemi `Account Transcript`, wato takardar tarihin harajinka a wajen IRS, na kowace shekara, akanta ya ƙirga maka ranar ƙarewar wa'adin. In saura kaɗan, biyan wata-wata na iya fi maka sauƙi.